Awo Daga Hoton Waya: Inda Teloli Ke Tafka Asarar Yadi Kafin Su Ɗauki Almakashi

Saura kamar mako uku Sallah, a wani shagon ɗinki a Fagge, cikin birnin Kano. Kekuna huɗu na ta gudu, yadika sun cika kanta, ga janareto na ruri a bakin ƙofa. Yaron shago ya miƙo wa maigidansa waya, ya ce: "Oga, Hajiya ce ta turo zanen rigar, ta ce haka ake so, kada a canza komai."

Maigida ya buɗe hoton da yatsu biyu. Takarda ce mai ruwan ƙasa a shimfiɗe a kan tabarma, an zana rabin gaban riga da fensir, da lambobi a gefe-gefe, da wata doguwar kibiya, da 'yan kalmomin Faransanci. Ƙanwar Hajiyar ce ta ɗauko hoton a wajen telarta a Maraɗi. Shaddar da za a yanka kuwa tana nan a ninke, kuɗinta ya fi abin da shagon ke samu a mako.

Irin wannan ya zama ruwan dare a shagunan ɗinki. Zane ya daina zuwa a takarda, a waya yake zuwa. Matsalar ita ce hoto yana riƙe rubutun da ke jikin zane, amma ba ya riƙe girmansa. Telan da bai bambance waɗannan biyun ba yakan gane kuskurensa ne ranar da mai kaya ta zo gwaji.

Yadda muka zo nan

Telan gargajiya a ƙasar Hausa bai saba da zanen yanka ba. Ya auna mutum da tef, ya rubuta a littafi, ya ja layi da alli a jikin yadi, ya yanka. Kaftani da babbar riga da wando suna da yalwa, kuma akasarin sassansu miƙaƙƙu ne, saboda haka rabin inci sama ko ƙasa ba ya tayar da hankalin kowa.

Zanen takarda ya samo asali ne daga wata hanyar aiki daban. A Amurka, Ebenezer Butterick ya fara sayar da zanen yanka mai girma-girma a shekarar 1863. A Jamus kuwa, mujallar Burda ta fara saka takardar zane a cikin fitowarta tun 1952. Kowanne ya zo da alamominsa da ƙa'idojinsa, kuma makarantun koyon ɗinki na nan gida da na Nijar sun gaji wasu daga ciki.

Yanzu da mata ke son riga mai bin jiki, makarantu ke ba da kwangilar kayan ɗalibai ɗaruruwa masu fasali ɗaya, kuma kowa na da kyamara a aljihu, sai ga telan da bai taɓa koyon karanta zane ba ana turo masa hoton zanen wani telan, wanda bai san shi ba, daga wata ƙasa mai wani ma'aunin.

Lambar da aka rubuta ita ce gaba

Masu zanen injiniya suna da wata tsohuwar doka da sukan buga a ƙasan takarda: DO NOT SCALE DRAWING. Abin nufi, kada ka ɗora rula a kan zane ka ce ka samu awo. Bi lambar da aka rubuta. In har an faɗi haka a kan takardar asali, to hotonta ya fi cancantar wannan gargaɗi.

Saboda haka aikin farko ba aunawa ba ne, kwafewa ne. A ɗauki farar takarda a sake zana fasalin da hannu, ko da bai yi kyau ba, sannan a kwashe kowace lamba a ajiye ta a gurbinta. Kowace lamba tana da layin da take magana a kai, kuma layin yana da inda ya fara da inda ya tsaya, galibi da kan kibiya ko ɗan gajeren tsinke. Tsayin riga daga saman kafaɗa daban yake da tsayinta daga ƙasan wuya, kuma bambancin na iya kai inci uku. Lambar da ba a gano farkon layinta da ƙarshensa ba, ba a karanta ta ba tukuna.

A hoton Maraɗin nan, lambobin da suka fito fili su ne 62 a layin tsayi, 24 a layin ƙirji, da 12,5 a kafaɗa. Ta huɗu, wadda ke nuna zurfin hammata, ninkin takarda ya ratsa ta. Ana ganin 2 a farko, amma ta biyun ko 1 ce ko 7.

Tambayar farko: inci ne ko santimita? Babu inda aka rubuta. Telolin Kano da inci suke aiki, na Maraɗi da Damagaram kuwa da santimita. Hankali kawai ke raba gardamar: riga mai tsayin inci 62 ta fi ƙafa biyar, za ta share ƙasa, kuma babu mai kafaɗa ɗaya ta inci goma sha biyu da rabi. Santimita ne. Inci ɗaya santimita 2.54 ne cif, don haka 62 ya zama inci 24 da kusan uku bisa takwas. Wanda ba ya son lissafi sai ya juya tef ɗinsa, domin yawancinsu inci ne a fuska ɗaya, santimita a ɗaya fuskar. Gara ma a yi aikin gaba ɗaya da santimita, domin duk juyin da aka yi sai an ɗan cike lamba, kuma cike-ciken nan taruwa suke yi.

Waƙafin da ke cikin 12,5 shi ma yana rikita mutane. A tsarin Faransanci waƙafi ne ke tsayawa a matsayin ɗigo, wato sha biyu da rabi ke nan, ba lambobi biyu ba. Haka kuma wanda ya yi makaranta a Nijar yakan rubuta 1 da dogon ƙugiya a sama, har ta yi kama da 7 a idon ɗan Najeriya, ita kuwa 7 ɗin ya ratsa ta da ɗan layi a tsakiya. A wannan hoton, daidai inda ɗan layin zai kasance nan ninkin ya bi.

Rabi ne, ko rubu'i?

Lambar 24 a ƙirji ta fi kowacce haɗari, domin tana kama da awon da za a iya yarda da shi. Zanen riga ba kasafai yake nuna gaba ɗayanta ba. Rabin gaba ake zanawa, da rabin baya, saboda yadin a ninke ake yanka shi. Don haka 24 rubu'in zagayen ƙirji ne: sau huɗu ya ba da santimita 96, in har bayan ma 24 ne, abin da ya kamata a duba a nasa hoton.

Awon ƙirjin Hajiya a littafin shago inci 35 da rabi ne, kusan santimita 90. Saura 6 ke nan, kuma wannan ita ce sakewar da mai zanen ta bari domin numfashi da motsi. Lissafin ya zauna. Da a ce ya fito 80 ko 120, to akwai abin da aka karanta ba daidai ba, ko kuma zanen na wata ce daban. Gwada lambar zane da awon jikin mai kaya shi ne bincike mafi sauƙi, kuma shi aka fi tsallakewa.

'Yan rubuce-rubucen gefe

Ido yakan tafi ga lambobi ya bar ƙananan alamomi, alhali su ne ke faɗin yadda za a ɗora takardar a kan yadi.

A miƙaƙƙen gefen zanen an rubuta pliure, wanda a zanen Ingilishi zai zo da place on fold. Ma'anarsa a ɗora wannan gefen a kan ninkin yadi, kada almakashi ya taɓa shi. Doguwar kibiyar nan, mai droit fil a jikinta, tana nuna tsayin zare: dole ta kwanta daidai da bakin yadi. Wanda ya karkatar da ita don ya rage ɓarna zai ga rigar tana murɗewa bayan wanki. Ƙananan tsage-tsagen da ke bakin zane suna nuna inda sassa biyu za su haɗu, kuma a al'adar da aka fi bi, tsaga ɗaya gaban hannu ce, biyu kuma bayansa. Su ne farkon abin da ke ɓacewa idan hoto ya dushe.

Sai babbar magana, wato rarar ɗinki. Layin da aka zana, nan za a yanka ko nan allura za ta bi? Kamfanonin zane na Amurka sukan haɗa da rara, galibi biyar bisa takwas na inci, kusan santimita ɗaya da rabi. Zanen cikin mujallar Burda kuwa ba ya zuwa da ita, mai yanka ne zai ƙara. Telan da ya zana wa kansa yana iya bin kowanne, kuma sau da yawa ba ya rubutawa, tun da shi ya san abinsa.

A duba abin da wannan ke ci. Riga tana da ɗinkin gefe biyu, kowanne na haɗa baki biyu. Idan zanen ba shi da rara, aka yanka a kan layi, aka kuma ɗinka da santimita ɗaya da rabi, an cinye santimita 6 daga zagayen. Daidai sakewar da aka bar wa Hajiya ke nan. Rigar za ta fito 90 a jikin mai 90, kuma yadin da aka yanke ba ya dawowa.

Wani lokaci hoton kansa yana ba da amsa: layi biyu a jere, na ciki mai tsinke-tsinke, na nufin an saka rara. In layi ɗaya ne kuma babu rubutu, to babu dabarar da za ta fitar da amsar daga hoto. A kira mai zanen a tambaya. In ba a same ta ba, a ƙara rarar, domin ragewa na yiwuwa.

Fitar da lambar da ta ɓace

Yanzu ne aka zo wurin da rula ke da amfani, wato inda lamba ta goge ko ba a rubuta ta ba sam.

Auna fuskar waya ba shi da tabbas, domin da an taɓa hoton girmansa ya sauya. Gara a kai shagon buga takardu a fitar da shi a takarda. Daga nan a nemi layin da aka tabbatar da tsayinsa, a auna shi a kan bugun, a raba.

A hoton farko, layin 62 ya auna santimita 15.5 a takarda, wato kowane santimita ɗaya na hoto huɗu ne a zahiri. Da an tsaya nan da an yi kuskure. Da aka gwada layin ƙirji, sai ya auna 6.6, kuma 24 a raba da 6.6 bai kai huɗu ba, kusan 3.6 ne. Tsaye yana faɗin abu ɗaya, kwance yana faɗin wani. Wannan ita ce shaidar cewa an ɗauki hoton a karkace.

Dalilin a bayyane yake. Mai ɗaukar hoton tana tsaye a ƙarshen tabarma ta ɗan sunkuyar da wayar, maimakon ta riƙe ta a saman takardar sak. Karkata ta kusan digiri 25 tana gajarta tsayi da kimanin kashi tara cikin ɗari, ta bar faɗi yadda yake. Ƙari a kan haka, ɓangaren da ya fi nisa da kyamara yana ƙanƙancewa fiye da na kusa, don haka ko a layi guda ma sikelin ba ɗaya ba ne daga sama zuwa ƙasa. Kashi tara cikin ɗari ido ba ya kama shi a hoto, amma a riga mai tsayin 62 ya haura santimita biyar.

Da aka sake ɗauko hoton daga sama, aka buga shi a girman da layin tsayi ya koma 15.5, layin ƙirji ya ba da 6.0. Huɗu nan, huɗu can. Sai aka auna zurfin hammata, ya ba da 5.3, sau huɗu 21 da 'yan kai. Da 27 ce, da ta auna kusan 6.8. Lambar 21 ce.

A lura da abin da rula ta yi a nan: ta zaɓi tsakanin amsoshi biyu masu tazarar santimita shida, kuma wannan tana iya yinsa da kyau. Abin da ba za ta iya ba shi ne bambance 21 da 21.5, domin kuskuren rabin milimita a kan bugun, kaurin layin fensir kawai, yana zama milimita biyu a kan yadi, kafin a ƙara lanƙwasar takarda da ta gilashin kyamara.

Lanƙwasassun layuka kamar wuya da hammata ba su da lamba ɗaya da za ta bayyana su. Hanyar da ta fi aminci ita ce a ja murabba'ai a kan bugun, a ce na rabin santimita, a ja na santimita biyu a babbar takarda, sannan a bi layin gida-gida ana sa ɗigo inda ya ratsa. Daga ƙarshe a haɗa ɗigogin da rular lanƙwasa.

Sassan riga suna shaidar juna

Bayan an mayar da zanen cikakken girmansa, akwai binciken da ba ya buƙatar hoto ko kaɗan. Duk baki biyu da za a ɗinke tare dole tsayinsu ya yi daidai. Gefen gaba da gefen baya su zo ɗaya, bayan an rufe tsukewar ƙirji in akwai. Kafaɗar gaba da ta baya su haɗu, ko ta baya ta ɗan fi kaɗan.

Hannu ne ya fi tona asiri. A tsayar da tef a kan gefensa a bi lanƙwasar hammata gaba da baya, a ce ta ba da 44. Kan hannun ya kamata ya kai haka ko ya ɗan ɗara da santimita ɗaya zuwa uku, gwargwadon yadi da fasali. In ya fito 40, to ko dai an ɗauki hoton hannun daga wani nisa daban an kuma yi amfani da sikelin gaban riga a kansa, ko kuma ɗaya yana da rara ɗaya ba shi da ita. Kowane hoto da nasa sikelin, ko da waya ɗaya ce ta ɗauke su a minti ɗaya.

Abin da ɓangarorin ke cewa

Tsofaffin teloli da yawa ba sa son wannan aiki ko kaɗan. A ganinsu, hoto na nuna fasali ne kawai, awo kuwa daga jikin mutum ake ɗaukarsa, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Suna da gaskiya idan mai kaya na kusa. Amma hujjarsu ba ta kai ga kwangilar kayan makaranta ba, inda shaguna uku za su raba aiki kuma dole rigunan su fito iri ɗaya, ko ga wadda ke Jidda ta aiko a ɗinka mata.

Matasan da suka fito daga makarantun ɗinki sun fi dogara da manhajojin waya masu miƙe hoton takarda. Waɗannan suna taimakawa ƙwarai, muddin kusurwoyi huɗu na wani abu mai sanannen girma sun fito a hoton. Sai dai manhajar tana hasashen faɗi da tsayi ne, kuma takan miƙe hoto ya yi kyau a ido alhali sikelin tsaye da na kwance ba su daidaita ba. Gwajin layi biyun nan ba ya faɗuwa don an yi amfani da manhaja.

Masu kaya kuwa suna ganin sun gama nasu tun da sun turo hoto, har da lambobi. Idan riga ta matse, sai rigima ta tashi a kan wa zai biya yadin, kuma kusan kullum tela ne ke kwana ciki, ko da kuɗinsa ko da sunansa.

Masu walda da masu aikin ƙarfe suna fama da irin wannan. A zanensu milimita ake rubutawa ba tare da an faɗa ba, kuma alamar Ø tana nufin faɗin rami gaba ɗaya, R kuwa rabinsa. Idan hoto ya dushe aka karanta R10 a matsayin Ø10, an huda rami rabin girman da ake so. Sikelin da ke rubuce a kusurwar takarda, kamar 1:5, ya daina aiki tun lokacin da aka ɗauki hoton, domin yana magana ne a kan takardar asali.

Gyaran yana hannun mai ɗaukar hoto

Kusan duk wannan wahala minti biyu ne ke kawar da ita a wancan ɓangaren. A shimfiɗa zanen a daɓe mai santsi, ba a kan katifa ko tabarma ba, a danne gefunansa ko a bi shi da dutsen guga marar zafi sosai. A kwantar da tef biyu a jikin takardar, ɗaya a tsaye ɗaya a kwance. In babu, farar takardar A4 ta isa, domin girmanta sananne ne, milimita 210 da 297, kuma kusurwoyinta za su nuna ko hoton ya karkata.

A riƙe wayar sak a saman tsakiyar zanen, a ɗan ja da baya a kusanto da kyamara, maimakon a matso ko a sa 0.5, wanda ke lanƙwasa gefuna. A yi a inuwa mai haske, domin hasken filasha yana wanke rubutun fensir. Bayan hoton gaba ɗaya, a ƙara na kusa ga kowane wuri mai rubutu.

Wajen turawa ma akwai asara. WhatsApp yana matse hoton da aka tura ta hanyar da aka saba, kuma ƙananan lambobi ne ke fara narkewa. A tura shi ta Document, zai isa yadda aka ɗauke shi. Idan kuma zanen na bugawa ne, a ce wa mai shago ya zaɓi Actual size ko 100%, ba Fit to page ba, sannan a auna ɗan murabba'in gwajin da irin waɗannan zane ke zuwa da shi kafin a bar shagon.

Ga teloli kuwa, shawara ita ce kada shadda ko leshi su zama wurin gwajin zanen da ya zo ta waya. A fara yanka shi a akoko ko wani yadi mai araha, a harhaɗa, a gwada a jikin mai kaya ko a auna shi da awonta, a kuma saka kuɗin wannan gwaji a cikin farashi tun ranar da aka karɓi aiki. Mai kayan da ta ƙi biyan kuɗin yadi biyu na akoko, a gaya mata a fili cewa awon jikinta za a bi, hoton kuwa fasali kaɗai za a ɗauka daga gare shi.